Gajeren Labarin Mai Fassara da Wasiƙar Uba: Yadda Ake Gina Shi a Kan Kalma Ɗaya

Labarin mai fassara da ya cije a kan kalma ɗaya cikin wasiƙar uban da ke bakin mutuwa yana tsayawa ne a kan mutum uku: uban da ya rubuta, ɗan da aka rubuta wa amma ba ya jin harshen, da mai fassara da ke tsakaninsu. Uban yana da rai, sai dai ciwo ya hana shi magana, don haka babu damar a koma a tambaye shi abin da yake nufi. Lokaci kuma ya ƙure, domin ana so ɗan ya karanta ya amsa kafin rai ya yi halinsa. Waɗannan sharuɗɗa biyu su ne ke mayar da aikin fassara, wanda a zahiri zaman tebur ne, ya zama labari mai riƙe zuciya.

Akwai labari makusancin wannan da ya yi suna a duniya, wato wanda Ken Liu ya wallafa a 2011 game da dabbobin takarda. A cikinsa wata uwa 'yar ƙasar Sin ta bar wa ɗanta, haifaffen Amurka, wasiƙa a jikin damisar takarda da ta naɗa masa yana ƙarami. Bai iya karanta rubutun Sinanci ba, sai da ya nemi wata baƙuwa ta karanta masa, bayan uwar ta riga ta rasu. A can mai fassarar giftawa kawai ta yi. A irin labarin da ake magana a kansa a nan, mai fassarar shi ne jigo, kuma rikicin yana cikin ransa.

Ana iya gina misali daga tarihin Hausawan Sudan. Tun da daɗewa masu tafiya aikin hajji ta ƙasa suke yada zango a can, wasu su zauna dindindin, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 da kuma buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925. A ƙaddara wani Bakano ya zauna a Wad Madani, ya auri mace mai jin Larabci kawai, suka haifi ɗa, daga baya ya dawo gida ya sake aure. Ɗan ya tashi a hannun uwarsa da Larabci. Sau biyu ya zo Kano ganin mahaifinsa, kuma duk zuwan bai ji uban ya kira sunansa ba, bai ga ya zaunar da shi kusa ba, alhali yana kallon yadda yake wasa da ƙannensa. Ya koma da tabbacin cewa ba a son sa. Yanzu uban yana kwance, ya rubuta takarda, aka miƙa wa autarsa wadda ta yi karatun Larabci ta fassara. Komai ya tafi daidai har ta iso inda ya ce abin da ke tsakaninsa da ɗansa kara ce.

Mai karatu Bahaushe ya san abin da ake nufi. A al'ada iyaye suna kunyar ɗan fari: ba sa kiran sunansa, ba sa nuna masa so a gaban mutane, sau da yawa ma kakanni ko wani ɗan'uwa ake ba riƙonsa. Fulani sun fi tsanantawa a nan. Kara kuwa ita ce mutum ya danne abin da ransa ke so, ko abin da yake haƙƙinsa, don ganin idon wasu. Uban da ya ƙi rungumar ɗansa na fari a gaban iyayensa da 'yan'uwansa yana nuna cewa ɗan na dangi ne gaba ɗaya. Saboda haka janyewar tasa alama ce ta matsayin ɗan, kuma wanda ya tashi cikin al'adar yana fahimtar haka ba sai an faɗa masa ba.

Wahalar autar tana bayyana ne idan ta fara gwada kalmomin Larabci ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ya kamata marubuci ya daɗe. Haya'u ta yi kusa, amma tana jan hankali zuwa kunya ta addini da kamun kai, ba ta faɗi komai game da so ba. Hajal tana nuna rashin sakewa, har yayan nata yana iya ɗauka cewa uban yana jin kunyar samun sa ne, wanda shi ne ainihin zargin da ya daɗe yana yi. Ihtirami girmamawa ce, ta bar zafin dannewar a waje. Mujamala tana iya zama kyautatawa ta fatar baki. Kowace kalma da ta jarraba ta ajiye tana nuna wa mai karatu wani gefe na halin uban, kuma kowace tana iya haifar da amsa dabam daga Sudan: wata ta sa ɗan ya yafe, wata ta sa ya ƙi ɗaga waya.

Zaɓen auta a matsayin mai fassara yana da dalili. Ita ce ta sha duk son da aka hana yayanta a fili, ita aka goya, ita ake kira da suna har da na lele. Tana da sha'awar wanke mahaifinta, kuma babu wanda zai gane idan ta rubuta cewa uban ya ce yana ƙaunarsa, jimlar da tsohon bai taɓa furtawa ba, bai kuma rubuta ba. Wasiƙar mai jinya amana ce, ƙari a cikinta ha'inci ne ko da niyyar ta yi kyau. Da an kawo baƙon tafinta da ake biya, da wannan jarrabawar ba ta taso ba.

Hanyoyin da suka rage mata kaɗan ne. Za ta iya ɗaukar kalma mafi kusa ta haƙura da asarar. Za ta iya buɗe kalmar ta zama bayani mai layi uku, amma sai muryar uban, mutum mai taƙaita magana, ta koma ta malamin makaranta. Za ta iya barin kalmar yadda take cikin haruffan Larabci, ta rubuta bayaninta dabam da sunanta, ta ambaci abin da ta gani da idonta, misali cewa hoton yayan na cikin jakar da tsohon ke ajiye takardun gida. Hanya ta ukun ta fi ƙarfi, domin ta raba maganar uba da shaidar 'ya, ta kuma bar wa ɗan haƙƙin yanke hukunci.

Irin wannan labari yana lalacewa ta hanyoyi sanannu. Wani marubucin yakan mayar da shi lacca kan al'ada, har a manta da mai jinyar. Wani yakan mayar da shi kacici-kacici, misali a ce hannun tsohon ya karkarwa ba a gane kara ya rubuta ko ƙara ba. Wannan matsalar karatu ce da nas ko maƙwabci zai iya warwarewa, ba ta taɓa zurfin fassara ba. Mafi muni shi ne a wanke uban tas. Al'adar gaskiya ce, ciwon da ɗan ya ji shi ma gaskiya ne, kuma uban da ya san ɗansa ya tashi a wata ƙasa yana da alhakin rashin yi masa bayani tun yana da lafiya. Marubuci zai iya auna aikinsa da gwaji ɗaya: ya cire kalmar ya sa wata a gurbinta. Idan labarin ya ci gaba da tafiya ba tare da ya girgiza ba, to kalmar ado ce kawai, sai a sake gini daga tushe.