Sunan Ɓoye: Me Ya Sa Canza Suna Kaɗai Ba Ya Isa?



Kowa a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san abin da kalmar infoma take nufi. Mun taso a lokacin da magana ɗaya, idan ta faɗa kunnen da bai kamata ba, za ta iya jawo wa gida guda masifa. Saboda haka wasu daga cikinmu, idan za su rubuta labarin harin da aka kai ƙauyensu, ko su nemi shawara a kan wata lalura da suke jin kunyarta, sukan ɗauki sunan ɓoye. Wani ma yana da biyu: ɗaya na rubuta ƙagaggun labarai, ɗaya na maganar tsaro. A wannan makon mun duba yadda ake haɗa irin waɗannan sunaye a gano cewa mutum ɗaya ne, da abin da ke hana hakan. Abin da muka fahimta shi ne, ba sunan kansa ne yake tona asiri ba. Wani zare ne da aka bari tsakanin sunan ɓoye da na gaskiya, mai nema kuma zare ɗaya ya ishe shi.

Darasi daga marubuciyar Harry Potter

A watan Afrilun 2013 wani littafin labarin binciken laifi mai suna The Cuckoo's Calling ya fito a Birtaniya, da sunan wani marubuci da ba a taɓa ji ba, Robert Galbraith. Sunan namiji ne, kuma ba ya kama da na kowa. Amma a watan Yuli na shekarar jaridar Sunday Times ta bayyana cewa J.K. Rowling ce ta rubuta shi.

Zare uku ne suka kai ga haka. Na farko baki: wani lauya a kamfanin da ke yi mata aiki ya gaya wa ƙawar matarsa, ita kuma ta rubuta a Twitter. Na biyu abokan hulɗa: 'yan jaridar sun lura cewa wakilin Galbraith da editansa su ne dai na Rowling. Na uku salon rubutu: jaridar ta nemi masana biyu, Patrick Juola a Amurka da Peter Millican a Oxford, suka gwada littafin da rubutunta da na wasu marubuta, suna ƙirga irin kalmomin da kowa ya fi yawan amfani da su. Sakamakon ya karkata gare ta, ita kuma ta amsa. Mace mai dukiya da lauyoyi, asirinta kimanin wata uku kawai ya yi. To mu da ke da waya ɗaya da layi ɗaya, waɗanne zare muke bari?

Zare na farko: lambar waya

Wannan shi ne mafi kauri a ƙasarmu. Tun daga watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Ke nan babu layin da ba shi da mai shi a rubuce. Da yawa daga cikinmu kuwa layin da muke riƙe da shi da sunan baba ko inna ko yaya aka yi masa rajista, don haka idan aka bi lamba, a kansu za a fara sauka.

Ba sai hukuma ba, ko maƙwabci zai iya bin lamba. A WhatsApp, duk sunan da ka sa wa kanka, mutanen da kuke ɗaki ɗaya suna iya ganin lambarka. Manhajar Truecaller tana nuna sunan da wasu suka ajiye lambar da shi a wayoyinsu. Sannan a asusun kuɗi irin na OPay, lambar asusu takan zama lambar wayar ce aka cire sifilin farko. Mutum zai shigar da ita kamar zai tura kuɗi, cikakken suna ya bayyana, ya fasa turawa. Bai kashe ko sisi ba.

A Facebook kuma, idan ka buɗe sabon asusu da tsohuwar lambarka, ko ka ba shi izinin ɗaukar lambobin da ke cikin wayarka, yana iya nuna sabon sunan ga 'yan ajinku da danginka a ƙarƙashin People You May Know. Alamar da za ka gane an samu wannan ɓaraka ita ce, asusun da ba ka gaya wa kowa ba ya fara nuna maka fuskokin 'yan unguwarku.

Zare na biyu: sunaye masu dangantaka

Ɗan'adam yana son abin da zai tuna, shi ya sa yakan gina sabon suna da tubalin tsoho. Wadda take Tauraruwar Zurmi a wuri ɗaya sai ta zama Tauraruwa2008 a wani wuri. Kalma ɗaya ta haɗa su, kuma ta ƙara ba da garinsu da shekarar haihuwarta kyauta. Haka wanda ya juya sunansa ta baya, ko ya sa laƙabin da kakarsa take kiransa da shi, ko sunan kulob ɗin ƙwallon da kowa ya san yana mutuwa a kansa.

Sunan da ba a iya haɗawa shi ne wanda bai ce komai a kanka ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka buɗe ƙamus sau biyu ba tare da zaɓi ba, ka ɗauki kalmar da yatsanka ya sauka a kai kowane karo, ka haɗa su. Kowane suna na ɓoye a yi masa haka daban, da imel ɗinsa daban, da kalmar sirri daban. Hoto ma haka: kada ka sa wanda ka taɓa sawa a wani wuri, ko da na fure ne, domin akwai hanyar neman hoto a intanet da ke nuna sauran wuraren da ya bayyana.

Zare na uku: abin da ka faɗa da yadda ka faɗe shi

A nan ne masu hankali ma suke zamewa. Bari mu yi lissafi da misali na ƙirƙira. A ce wata ɗaliba ta ɗauki suna mai kyau, ba ta bar lamba ba, ta rubuta abubuwa huɗu a cikin wata biyu. A ce kuma makarantarsu tana da ɗalibai 600.

A rubutu na farko ta ce tana shirin jarrabawar fita ta bana. Wannan ya rage mutanen da za a zarga zuwa 'yan aji shida, a ce su 100. A na biyu ta yi maganar ɗaura hijabi da safe, saura mata 40. A na uku ta ce sun baro ƙauyensu sun dawo cikin gari bayan wani hari. A cikin 40 ɗin, a ce mutum 6 ne suka yi gudun hijira. A na huɗu ta ce babanta yakan kai awaki kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Saura mutum 1.

Babu rubutu ko ɗaya a cikin huɗun da ya ambaci sunanta. Kowanne, idan aka karanta shi kaɗai, ba shi da haɗari. Tara su ne ya nuna ta, kuma abin da ya ba da damar tarawar shi ne duk suna ɗaya ta yi amfani da shi. Ga amfanin raba sunaye ke nan. Da maganar jarrabawa tana ƙarƙashin wani suna, maganar hari kuma ƙarƙashin wani, mai bincike zai tsaya da tarin mutane biyu masu yawa, ba tare da gadar da za ta haɗa su ba. Ƙa'idar ita ce suna ɗaya, batu ɗaya. Kada sunayen su yi abota da juna, kada ɗaya ya yaba wa rubutun ɗaya, kada kuma su riƙa bayyana a minti guda a kowane dare.

Harshe ma shaida ne. Wanda ya rubuta "shina" maimakon "yana", ko "hwara" maimakon "fara", ya riga ya gaya wa mai karatu cewa daga ɓangarenmu na Zamfara da Sakkwato yake. Bayan wannan kowa yana da tambarinsa: kalmar da kullum yake kuskuren rubutawa, karin maganar da ba ya rabuwa da ita, yadda yake jera ɗige uku. Malaminmu na Hausa yana gane takardar ɗalibi ko bai sa suna ba, abokin zamanka a benci ma haka. Kafin ka saki rubutu, karanta shi ka tambayi kanka: idan aminina ya ga wannan, zai ce muryata ce? Idan amsar e ce, a sake shi da gajerun jimloli da daidaitacciyar Hausa.

Hoton wurin da abu ya faru yana da nasa haɗari. Katanga ko bishiya ko hasumiyar masallaci suna nuna inda mai ɗauka ya tsaya, a ƙauye kuwa kowa ya san gidan da ke wannan kusurwar. Idan kuma alamar wuri tana kunne a kyamarar waya, hoton yana ɗauke da ainihin wurin a cikinsa, kuma wannan bayani yana tafiya tare da shi idan aka tura shi a WhatsApp a matsayin Document.

Iyakar sunan ɓoye

Duk abin da muka lissafa yana ɓoye mutum ne daga mai karatu, da maƙwabci, da infoma mai leƙen waya. Ba ya ɓoye shi daga kamfanin da ya buɗe asusu a wurinsa, wanda yake ganin wayar da aka shiga da ita. Dokar Facebook ma ta ce mutum ya yi amfani da sunan da aka san shi da shi, kuma suna iya rufe asusun da ya saɓa. Haka nan bai ɓuya daga hukuma ba, domin tana iya neman bayanai daga kamfanoni ta hanyar doka. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai yin barazana ko yaɗa ƙaryar da za ta tayar da hankalin jama'a. Wanda ya ɗauki sunan ɓoye don ya zagi malami ko ya yi wa wata yarinya ƙazafi, laifin yana nan a kansa.

Akwai kuma wayar aro. Idan ku uku kuke amfani da waya ɗaya a gida, ko kana barin taka a shagon caji ba tare da kulle ba, sanarwa ɗaya da ta faɗo a fuskar waya ta isa ta nuna sunan da kake ɓoyewa.

Daga ƙarshe, ku tuna cewa zaren Rowling na farko mutum ne da aka amince wa. Sunan da aminai biyu suka sani ya riga ya kama hanyar kasuwa. Idan kuwa abin da ka sani ya shafi rayukan mutane, kamar inda 'yan bindiga suke bi ko wanda yake kai musu rahoto, kada ka dogara da sunan ɓoye ka rubuta shi inda kowa zai gani. Ka gaya wa mahaifinka ko wani malami da ka yarda da shi, su san hanyar da za su isar da shi ga masu alhaki.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta