Kafin a bar ɗalibi da majinyaci su kaɗai

A watan Agusta na 1969, wani ɗalibin Jami'ar California da ke Berkeley mai suna Prosenjit Poddar ya gaya wa masanin halayyar ɗan Adam da ke duba shi, Dakta Lawrence Moore, cewa yana da niyyar kashe wata budurwa. Moore ya sanar da 'yan sandan jami'ar da baki, ya kuma rubuta musu wasiƙa. Suka tsare Poddar na ɗan lokaci, suka ga kamar hankalinsa kwance yake, suka sake shi. Bisa abin da ƙarar da iyayen yarinyar suka shigar ta bayyana, shugaban sashen da Moore ke ƙarƙashinsa, Dakta Harvey Powelson, ya nemi a dawo da wasiƙar, ya ba da umarnin a lalata ta tare da bayanan da aka rubuta, ya ce kada a ƙara ɗaukar wani mataki. Ranar 27 ga Oktoba, Poddar ya kashe budurwar, Tatiana Tarasoff. A 1976 Kotun Ƙolin California ta yanke hukunci cewa mai ba da magani yana da alhakin ɗaukar matakin kare wanda majinyacinsa ke barazana gare shi. Wannan hukunci ba ya aiki a kotunan Najeriya ko Nijar, kuma Moore ƙwararre ne, ba mai koyo ba. Amma a lura da inda abin ya lalace: tsakanin ma'aikaci da na gaba da shi, a kan me za a rubuta, wa za a gaya wa, kuma maganar wa ce ta ƙarshe.

Waɗannan tambayoyi su ne ke cikin takardar da ake kira yarjejeniyar sa ido. Ɗalibin da ke koyon aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta hanyar tattaunawa, bayan ya gama karatun aji, ana tura shi asibiti ya riƙa ganin majinyata a ƙarƙashin wani ƙwararre. Kafin ya fara, su biyun suna zama su rubuta abin da kowa zai yi, su sa hannu. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta sa wannan takarda cikin ƙa'idojin sa ido da ta fitar a 2014, kuma a Birtaniya ana buƙatar ɗalibi ya samu aƙalla awa ɗaya ta zama na musamman da malaminsa kowane mako. Da yawa suna ɗaukar takardar a matsayin jadawali: ranar haɗuwa, tsawon zama, yadda za a ba da maki. A ganina ba nan amfaninta yake ba. Amfaninta shi ne ta cire wani nauyi daga kan ɗalibi, wato nauyin yanke hukuncin ko abin da ya ji a ɗakin duba majinyaci ya kai a tayar da malami ko bai kai ba.

Dalilin kuwa shi ne ɗalibai suna ɓoye abubuwa, har da nagartattunsu. A 1996 Nicholas Ladany da abokan aikinsa sun tambayi masu koyo 108, sai kashi 97 cikin ɗari suka amsa cewa akwai abin da suka ƙi gaya wa mai sa musu ido, ciki har da kurakuran da suka yi a aiki. Babu mamaki a nan. Wanda za ka kai wa matsalarka shi ne wanda zai rubuta ko ka ci ko ka faɗi. Idan aka ƙara kunya da ganin girman malami irin namu, inda ɗalibi zai gwammace ya kwana da damuwa da ya buga wa farfesa waya bayan isha'i, sai abin ya ninka. Saboda haka yarjejeniyar da ta ce "a sanar da malami idan haɗarin ya yi tsanani" ba ta ce komai ba, domin ta mayar da auna tsananin hannun wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa kuma ya fi kowa dalilin yin shiru. Kuma ko ƙwararru ba su iya wannan awon sosai. Joseph Franklin da abokansa sun tattara bincike 365 na shekara hamsin a 2017, suka gano cewa alamomin da ake dogara da su wajen hasashen wanda zai kashe kansa da ƙyar suka fi canki-canka. A 2022 hukumar NICE ta Birtaniya ta hana amfani da rabon mutane zuwa masu ƙaramin haɗari, matsakaici da babba wajen yin wannan hasashe.

To, yaya za a rubuta? Da abubuwan da ake gani ko ake ji, tare da lokaci da sunaye. A ɗauki misali. Ɗaliba a watanta na biyu tana ganin wani matashi mai ciwon damuwa a asibitin masu taɓin hankali, ranar Alhamis da ƙarfe uku. Ana saura minti goma a tashi, sai ya ce ya gaji da duniya, ya tanadi abin da zai sha, kuma ya riga ya biya bashin da ake bin sa. Malamarta tana taro a wani gari. Idan yarjejeniyar ta yi kyau, ɗalibar ba ta buƙatar tunanin ko wannan babba ne ko ƙarami, domin an rubuta cewa duk wanda ya ambaci niyya, ko tsari, ko ya mallaki abin aikatawa, ba ya barin asibiti kafin ƙwararre ya ji labari. Za ta nemi ma'aikacin jinya ya zauna da shi, ta buga wa malama. Idan minti goma sha biyar ya wuce ba a ɗauka ba, suna na biyu a takardar shi ne wani babban masanin da ya yarda ya tsaya mata, na uku kuma likitan ƙwaƙwalwa da ke bakin aiki. Da wanda aka samu za a yanke ko a kwantar da matashin, ko a sallame shi bayan an tsara masa matakan kariya, an kira wanda ya amince da shi a gida ya ɗauke abin da ya tanada, an sa ranar dawowa nan kusa. Wannan jere guda ne zai yi aiki idan abin da aka ji barazana ce ga wani, ko cin zarafin yaro. Abin da bai kai haka ba, kamar tunanin mutuwa ba tare da niyya ba, a rubuta cewa a sanar a ranar, kada a jira zaman mako. Minti goma sha biyar ba doka ba ce, kowane asibiti zai zaɓi nasa, amma dole a rubuta adadi.

Sashen iyakar aiki ba ya buƙatar dogon bayani: waɗanne majinyata ɗalibi zai gani, nawa a mako, waɗanne gwaje-gwaje aka yarda ya yi shi kaɗai. Ba ya rubuta magani, ba ya sa hannu a rahoton kotu, ba ya ba majinyaci lambar wayarsa ta kansa. Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne a gaya wa majinyaci tun zaman farko cewa wanda ke gabansa mai koyo ne, ga sunan malaminsa, kuma malamin zai ji abin da aka tattauna. In ba a yi wannan ba, ranar da ɗalibar ta fita yin waya matashin zai ga an ci amanarsa.

Rubuta bayani kuwa hawa uku ne, kuma gwama su yana kawo ɓarna. Akwai katin majinyaci, wanda na asibiti ne. A misalinmu, ɗalibar za ta rubuta kalmomin matashin yadda ya faɗe su, ƙarfe nawa ta kira wa, me aka ce mata, me aka yanke da dalilinsa, malama ta sa hannu a ƙasa cikin lokacin da aka ƙayyade. Kuskure a ja masa layi ɗaya a sa kwanan wata, ba a gogewa, ba a yagewa, kuma yarjejeniyar ta ce ko malami ba shi da ikon sa a yi haka. Akwai kuma littafin zaman sa ido, inda ake rubuta shawarar da malami ya bayar ba tare da cikakken sunan majinyaci ba. Na uku shi ne naɗar murya ko bidiyon zama. Wannan ne kaɗai hanyar da malami zai ji abin da ya faru da kunnensa maimakon labarin da ɗalibi ya tace, shi ya sa yake da daraja. Amma sai da yardar majinyaci a rubuce, da haƙƙinsa na ƙin yarda ba tare da ya rasa kulawa ba, da ranar da za a goge. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, don haka naɗa a wayar ɗalibi a tura wa malami ta WhatsApp ba ƙaramin ganganci ba ne, ko da shi ya fi sauƙi.

Za a ce wannan tsari na ƙasashe masu yalwar ma'aikata ne. A asibitoci irin na Kware a Sakkwato, Barnawa a Kaduna, Maiduguri ko Dawanau a Kano, majinyata sun fi ƙarfin ƙwararru, kuma idan kowane ɗalibi zai riƙa kira a kan kowace magana, malami ba zai yi wani aiki ba. Gaskiya ne za a samu kiran da daga baya za a ga bai zama dole ba. Sai dai irin wannan kira minti biyar yake ci, kuma shi kansa darasi ne, domin a nan ɗalibi ke jin yadda gogagge ke tambaya da aunawa. Ƙarancin ma'aikata ma shi ne babban dalilin rubuta suna na biyu da na uku, tun da malami ɗaya ba zai samu a kowane lokaci ba. Idan kuwa asibiti ya kasa cike waɗannan gurabu, takardar ta tona gaskiya: wurin bai shirya karɓar ɗalibi ba tukuna.

Sukar da ta fi nauyi ta shafi sirri. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma yunƙurin kashe kai ya daɗe cikin jerin laifuffuka, a sashe na 231 na kundin Final Kod na Arewa da sashe na 327 na kundin laifuffuka na Kudu. A inda magana ke saurin zagaye unguwa har ta hana aure, mutum zai iya kama bakinsa idan ya san abin da ya faɗa zai wuce ɗaki. Wannan tsoro na gaske ne, kuma amsarsa tana cikin yadda aka zana jeren. Kai magana sama yana nufin kai ta ga ƙwararrun da ke kula da mutumin, ba ga 'yan sanda ko dangi kai tsaye ba. Fitar da sirri waje hukunci ne na malami, ba na ɗalibi ba, bayan an nemi yardar majinyaci, kuma iya abin da zai kare rai kawai ake faɗa. Yayan matashin nan, idan shi ne aka kira daga gida, yana buƙatar sanin abin da zai ɗauke daga ɗaki da ranar da zai dawo da shi asibiti, ba abin da ya faɗa game da mahaifinsu ba.

Saura wuri ɗaya da yawancin yarjejeniyoyi ke tsallakewa: idan malami ya ce a bar maganar, ɗalibi kuma bai gamsu ba. Ya kamata a rubuta sunan wani na uku, kamar mai kula da horo a jami'ar da ta turo ɗalibin ko shugaban sashe, wanda ɗalibi zai iya zuwa wurinsa a ranar, tare da alkawari a rubuce cewa yin hakan ba zai taɓa makinsa ba. Saɓanin ma a shigar da shi littafin sa ido, kowa da ra'ayinsa, kowa da sa hannunsa.