Tu ko vous: yadda ake zaɓar lamirin da ya dace a rubutun Faransanci

Faransanci yana da kalmomi biyu na kiran wanda ake magana da shi, wato tu da vous. Ana amfani da tu ga mutum ɗaya wanda aka saba da shi, namiji ne ko mace, domin harshen bai raba kai da ke ba. Shi kuwa vous aiki biyu yake yi. Shi ne ku na jam'i, kuma shi ne lamirin girmamawa ga mutum ɗaya. Har aikatau biyu Faransawa suka keɓe wa lamarin: tutoyer, kiran mutum da tu, da vouvoyer, kiran sa da vous. A hira ta baki, fara'a da sassaucin murya kan rufe kuskure. A rubuce babu abin da zai rufe shi, mai karatu zai gan shi tun a layin farko.

Bahaushen da ke rubuta Faransanci a Yamai, Maraɗi, Garwa ko Njamena yana da tarkon da ya keɓanta da shi. A Hausa, girmamawa ta fi zama a cikin laƙabi da gaisuwa. Mutum zai ce wa basarake ranka ya daɗe, sa'annan ya ci gaba da ce masa ka, babu wanda zai ga rashin ladabi a nan. Akwai masu ce wa babba ku, amma ba dole ba ne a ko'ina. Faransanci ba ya yarda da wannan rabon. Wanda ya buɗe wasiƙa da Monsieur le Directeur, sa'annan ya biyo da tu, ya rushe ladabin da laƙabin ya gina. Haka kuma Faransancin kasuwa da unguwa a Afirka ta Yamma yana sakin tu cikin sauƙi, har ga wanda ake kira tonton ko tantie, amma takardar ofis ba ta bin wannan al'ada ko kaɗan.

Ga baƙo, ƙa'idar ba ta da wuya: duk babban mutumin da ba a sani ba, vous ake rubuta masa. Wannan ya haɗa da ma'aikacin banki, malamin jami'a, mai gidan haya, abokin ciniki, da wanda aka samu lambarsa ta hannun wani. Ƙarancin shekaru ba ya sauya komai idan harkar aiki ce, don haka ɗan kasuwa mai shekara sittin zai rubuta wa sakatariya 'yar shekara ashirin da biyar vous. Ƙananan yara kaɗai ake wa tu daga haɗuwar farko, sai kuma ɗalibai da matasa a tsakanin junansu.

Dalilin tsananin yana cikin tarihi. Tu da ya fito daga sama zuwa ƙasa, wanda ba a ba na ƙasan damar mayarwa ba, alamar raini ce. Haka iyayen gida suka riƙa kiran barorinsu, haka kuma Turawan mulkin mallaka da yawa suka riƙa kiran 'yan Afirka komai girmansu, alhali suna jiran a amsa musu da vous. Masu juyin juya halin Faransa sun yi ƙoƙarin kawar da bambancin a 1793, inda suka nemi kowa ya kira kowa da tu don nuna daidaito, amma abin bai daɗe ba. Bayan boren ɗalibai da ma'aikata na watan Mayun 1968, tu ya yaɗu sosai a tsakanin matasa da wuraren aiki. Duk da haka, ƙa'idojin ɗa'a na 'yan sanda da jandarmomin Faransa da suka fara aiki a 2014 sun wajabta wa jami'i ya kira jama'a da vous. Abin da hukuma ta ga ya cancanci a sa shi cikin doka bai kamata mai rubuta wasiƙa ya ɗauke shi da wasa ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne zaton cewa kalma ɗaya ce kawai ake zaɓa. Lamirin da aka ɗauka yana jan jimla gaba ɗaya. A ɗauki ma'aikacin wata ƙungiya a Damagaram da ke son a turo masa rahoto kafin Litinin. Idan shugabar wani sashe ce a Yamai, wadda bai taɓa gani ba, zai rubuta: Madame, pourriez-vous m'envoyer votre rapport avant lundi, s'il vous plaît ? Je vous remercie. Idan kuwa abokinsa ne da suka yi makaranta tare, buƙatar za ta koma: Salut, tu peux m'envoyer ton rapport avant lundi, s'il te plaît ? Merci à toi. Roƙo ɗaya ne, amma gaisuwa ta sauya, aikatau ya sauya, kalmar mallaka ta tashi daga votre zuwa ton, kalmar don Allah ma ta tashi daga s'il vous plaît zuwa s'il te plaît. A saƙon farko ya yi amfani da pourriez maimakon pouvez, sigar da ke tausasa roƙo kamar yadda Bahaushe zai ce ko za a taimaka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gauraya, kamar a rubuta pouvez-vous m'envoyer ton numéro. An fara da girmamawa, an ƙare da sabo. Gano shi abu ne mai sauƙi idan aka sake karanta saƙo kafin a tura. A saƙon vous kada a ga te, toi, ton, ta ko tes suna nuni ga mai karɓa, sai vous, votre da vos. Aikatau na vous kusan duka suna ƙarewa da -ez, ban da 'yan kaɗan da ake yawan buƙata: vous êtes, vous faites, vous dites. Masu koyo kan rubuta vous faisez ko vous disez bisa kwatance, kuma duka biyun kuskure ne. Umarni ma yana tona asiri ko da ba a ambaci lamiri ba: envoie na tu ne, envoyez na vous.

Akwai wata ƙa'idar nahawu da ko waɗanda suka daɗe suna rubutu kan manta. Vous na girmamawa yana ɗaukar aikatau na jam'i, amma sifar da ta biyo baya tana zama tilo, kuma tana bin jinsin mutumin. Namiji ɗaya ana rubuta masa vous êtes invité, mace ɗaya vous êtes invitée. Sai idan mutane ne da yawa ake ƙara s a ƙarshe, a rubuta invités ko invitées. Wanda ya sa wa darakta ɗaya s ya mayar da shi taro.

Buɗe wasiƙa da rufe ta su ma suna tafiya da lamirin. Wasiƙar hukuma tana farawa da Madame ko Monsieur, ko duka biyun idan ba a san wanda zai karanta ba, ta ƙare da doguwar jimla irin su Veuillez agréer, Madame, l'expression de mes salutations distinguées, kuma laƙabin da aka buɗe da shi ne ake maimaitawa a cikinta. A imel na aiki, Bonjour Madame a sama da Cordialement a ƙasa sun wadatar. Salut, À plus da Bises na abokai ne, ba sa zama wuri ɗaya da vous na girmamawa. Bonjour kuwa yana shiga ko'ina.

Abokan aiki su ne suka fi wuyar sha'ani, domin kowane wurin aiki da al'adarsa. A kamfanonin fasaha, gidajen jarida da ƙungiyoyin agaji da yawa, tu ne ke yawo har zuwa kan shugaba. A ma'aikatun gwamnati, bankuna da ofisoshin lauyoyi, vous ya fi ƙarfi. A Kebek ta Kanada ana saurin komawa tu fiye da Faransa. Sabon ma'aikaci zai fi samun kwanciyar hankali idan ya fara da vous ga kowa, ya lura da yadda ake rubuta wa juna, ya jira a buɗe masa ƙofa. Babba ne ke buɗe ta, a shekaru ko a muƙami, yawanci da jimlar On peut se tutoyer ? ko Tu peux me tutoyer. Tsakanin tsara, kowa na iya tambaya. Idan shugaba ya rubuto da tu ba tare da ya ce a mayar masa ba, wannan bai zama izini ba tukuna, musamman idan tazarar shekaru tana da yawa. Ci gaba da vous ba zai ɓata masa rai ba, in yana son akasin haka zai faɗa.

Akwai matsakaiciyar hanya da ta dace da aiki ƙwarai, wato a kira mutum da sunansa na yanka amma a riƙe vous. Tana nuna an saba ba tare da an zubar da girma ba, kuma mutane kan shekara da shekaru a kanta. Ba lallai ne vous ya nuna nisa ba: an san tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac da matarsa Bernadette da kiran juna da vous.

Da zarar an amince da tu, ba a komawa baya. Aboki ko abokin aikin da ya saba ganin tu, ya wayi gari da saƙo mai vous, zai ɗauka an yi fushi da shi ko ana son a ja baya. Wanda aka ba izini ya ci gaba da vous kuma, ana iya ganin kamar ya ƙi karɓar hannun da aka miƙo masa. Togaciya ɗaya ita ce takardar hukuma. Ma'aikacin da ke ce wa shugabansa tu a saƙon waya zai rubuta masa takardar neman hutu ko ta ajiye aiki da vous, saboda takardar fayil za ta shiga, kuma muƙamin ake rubuta wa.

Saƙon da aka tura wa mutane biyu ko fiye, ko da aminai ne, vous yake ɗauka, tunda jam'i ne. Idan a cikin saƙon aka juya ga mutum ɗaya da sunansa, sai a koma lamirin da aka saba da shi tsakani. A dandalin sada zumunta tu ya yi yawa har tsakanin waɗanda ba su san juna ba, amma saƙon WhatsApp zuwa ga likita, malami ko mai ɗaukar aiki yana nan a matsayin wasiƙa, kuma vous ake fara shi da shi.