Shafi 24 a Falle Shida: Yadda Ake Rage Takarda Wajen Firintin

Idan aka danna Ctrl+P a kwamfuta, wani akwati yana buɗewa kafin firinta ta fara aiki. A nan ake zaɓar firinta da yawan kwafi, kuma a nan ake yanke yawan takardar da za ta tafi. Abubuwa uku ne a akwatin suke shafar takarda kai tsaye: shafukan da za a buga, yawan shafukan da za a ɗora a fuskar falle ɗaya, da girman da rubutu zai fito da shi. Kusa da su akwai hoton gwaji mai nuna kamannin takardar kafin ta fito. Yawancin abin da aka sauya, a wannan hoton ake tabbatar da shi.

Zaɓen shafuka shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya fi rage takarda, domin shafin da ba a buga ba bai ci komai ba. A Word, ƙarƙashin Settings, abin da ake tararwa shi ne Print All Pages, wato a buga duka. Akwai Print Current Page mai fitar da shafi ɗaya tak, da Print Selection mai buga iya abin da aka shafa da linzami. Sauran aikin yana gurbin Pages. Waƙafi yana raba shafuka ɗai-ɗai, karan ɗori kuma yana nufin daga nan zuwa can:

```
1,3,8-12
```

Wannan zai fitar da shafi na 1 da na 3, sannan daga na 8 zuwa na 12, shafi bakwai ke nan. Haka ake rubutawa a Chrome idan aka zaɓi Custom a ƙarƙashin Pages, haka ma a Adobe Acrobat Reader.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne lambar da ke rubuce a ƙasan shafi ba lallai ta zo daidai da lambar da manhaja ke ƙirgawa ba. A ɗauki littafin karatu na PDF mai shafi 120, wanda ɗalibi ke son babi na uku kawai daga cikinsa. Jerin abubuwan ciki ya ce babin yana daga shafi na 41 zuwa na 64. Amma kafin shafi na 1 akwai bango da sadaukarwa da godiya da gabatarwa, shafi 12, masu lambobin Romawa ko marasa lamba. Chrome yana fara ƙirga ne daga bango. Idan aka rubuta masa 41-64, zai fitar da abin da ke littafin daga shafi na 29 zuwa na 52: wutsiyar babi na biyu da rabin na uku. Daidai shi ne a ƙara 12 a kowace lamba, a rubuta 53-76. Acrobat Reader kuwa yakan bi lambobin littafin idan wanda ya haɗa fayil ɗin ya sa masa su, don haka ba a dogara da lissafi kaɗai. A dubi hoton gwaji: shafin farko ya nuna kan babin, na ƙarshe ya nuna ƙarshensa.

Word ma yana da irin wannan tarko a kundin bincike, inda ake raba rubutu sashe-sashe, lambar shafi ta sake farawa daga 1 bayan shafukan gabatarwa. A nan shafi na 1 ya zama biyu. Ana bambanta su da harafin p na shafi da s na sashe:

```
p1s2-p5s2
```

Ma'anarsa daga shafi na 1 zuwa na 5 na sashe na biyu.

Da wannan mataki kaɗai, ɗalibin ya sauko daga falle 120 zuwa 24. Mataki na biyu shi ne ɗora shafuka da yawa a fuska ɗaya. A Word zaɓin yana can ƙasan Settings, inda aka rubuta 1 Page Per Sheet, kuma ana iya mayar da shi 2, 4, 6, 8 ko 16. A Chrome sai an buɗe More settings kafin a ga Pages per sheet. A Acrobat Reader maɓallin Multiple ne.

Shafi biyu a falle ɗaya ya fi kowane zaɓi dacewa, kuma dalilin yana jikin takardar kanta. Faɗin A4 milimita 210 ne, tsawonta 297. An tsara ta yadda idan aka naɗe ta biyu, rabin zai fito da siffa iri ɗaya da ta cikakkiyar takardar. Wannan rabin shi ne A5, mai milimita 148 da 210. Saboda haka shafi biyu na A4 suna zama gefe da gefe a falle ɗaya a kwance, ba tare da an yi asarar fili ba. Rubutun kuma ba ya komawa rabi kamar yadda ake zato. Filin shafin ne ya koma rabi, tsawon harafi kuwa yana komawa wajen kashi 71 cikin ɗari. Rubutu mai girman 12 zai fito kamar mai girman takwas da rabi, wanda yawancin idanu ke karantawa ba wahala.

Daga shafi huɗu labari ya sauya. A nan komai yana komawa rabi daidai, girman 12 ya zama 6. Ana iya karanta shi a haske mai kyau, amma ba rubutun da za a kwana a kai ana bitar jarrabawa ba ne, kuma bayanan ƙasan shafi da ƙananan lambobin cikin jadawali sukan dushe, musamman idan tawada ta fara ƙarewa ko asalin littafin hotonsa aka ɗauka. Inda huɗu ko shida ke da amfani shi ne silaid na lacca, domin rubutunsu manya ne tun asali. PowerPoint yana da nasa tsarin: a sauya Full Page Slides zuwa ɗaya daga zaɓin Handouts. Mai silaid uku yana barin layuka a gefe don rubuta bayani, mai shida kuma yana mayar da silaid 60 fuska goma. Shafi 16 na rubutu a falle ɗaya ba na karatu ba ne, sai dai don a ga tsarin littafi a dunƙule.

Akwai kuma jerin da shafukan ke bi. A Acrobat Reader, Page order yana kan Horizontal, wato shafin farko a hagu, na biyu a dama. Littafin Larabci ko na ajami daga dama ake fara shi, don haka Horizontal Reversed ne ya dace da shi. In ba haka ba, ido zai riƙa faɗawa shafi na biyu kafin na farko.

Shafi 24 na ɗalibin, biyu-biyu, sun zama fuska 12. Idan firinta tana buga gaba da baya, falle shida ke nan. Sai dai a kula da gefen juyawa. Takardar da ke tsaye ana juya ta ne ta dogon gefe, Flip on long edge. Da aka ɗora shafi biyu, takardar ta koma kwance, sai ta buƙaci Flip on short edge kafin a buɗe ta kamar littafi. Alamar kuskure a bayyane take: bayan takardar zai fito kai ƙasa. Firintoci ba su da hali ɗaya a wannan wuri, shi ya sa ake fara gwada shafi huɗu na farko, wato falle ɗaya, kafin a saki sauran. Wani kuskuren kuma shi ne a zaɓi shafi biyu a manhaja, alhali wani ya riga ya zaɓi biyu a Printer Properties. Ragin zai ninku, shafi huɗu su fito a fuska ɗaya, hoton gwaji kuma sau da yawa ba ya nuna wannan. A shagon kwamfuta, inda hannaye da yawa ke taɓa firinta ɗaya, ya kamata a leƙa can, a kuma daidaita da mai shago ko kuɗin na kowane shafi ne ko na kowace fuskar takarda.

Abu na uku, rage girma ko ƙara shi, shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. A fayil ɗin PDF shafuka a yanke suke. Idan aka sa Custom Scale a kan 80, shafi 24 suna nan 24, rubutu ne kawai ya ƙanƙance, farin gefe ya ƙaru, ba a tsira da ko falle ɗaya ba. Amfanin wannan zaɓi a PDF shi ne gyara saɓanin takarda. Fayilolin da aka tsara a Amurka yawanci a kan takardar Letter suke, mai milimita 216 da 279, wadda ta fi A4 faɗi amma ba ta kai ta tsawo ba. Idan aka buga irinsu da Actual size, gefe yana iya yankewa. Fit ko Shrink oversized pages suna rage shafin kaɗan ya shiga. A Word, Scale to Paper Size ke yin wannan aikin.

Rage girma yana rage takarda ne a wuraren da shafi bai riga ya yanku ba, wato shafin intanet da Excel. A Chrome, rubutun da ya cika shafi biyu ya zubo da layi huɗu a na uku yakan koma biyu idan aka sa Scale a kan Custom, aka rubuta 90, domin kowane shafi yana ɗaukar ƙarin layuka. Tunda haka lambobin shafuka ke sauyawa, girma ake fara daidaitawa, sannan a zaɓi shafuka.

A Excel asarar ta fi yawa. Jadawalin sakamakon ɗalibai da ya kamata ya ci shafi bakwai, idan layuka biyu na tsaye suka fita ta dama, zai fito a shafi 14, bakwai daga ciki ba su ɗauke da komai sai jimla da matsayi ba tare da suna ba. Maganin shi ne a fara kwantar da takardar da Landscape Orientation, in bai isa ba a sauya No Scaling zuwa Fit All Columns on One Page. Wannan yana matse faɗin kaɗai ya shiga, tsawon ya ci shafukan da yake buƙata. Maƙwabcinsa, Fit Sheet on One Page, yana cusa jadawalin gaba ɗaya a shafi guda. Idan sunaye 300 ne, abin da zai fito kamar tururuwa ne suka bi layi.

Akwai takardun da ba a taɓa girmansu. Hoton fasfo da aka auna, da zanen da za a ɗora ruwula a kansa, da rubutun da za a buga a kan fom ko takardar shaida da aka riga aka buga, duk suna buƙatar Actual size, wato kashi 100, domin ragin kashi uku ma ya isa ya kauce da suna daga kan layinsa. Takardar shiga jarrabawa ko tikiti mai ɗauke da lambar da na'ura ke karantawa ana buga ta ita kaɗai a fallenta, saboda zanen lambar idan ya ƙanƙance yakan haɗe, na'urar ta kasa gane shi a bakin ƙofa.