Sanyin asuba da zafin rana: Faranti nawa inbatarka za ta iya ɗauka?

A cikin hunturun bara wani maƙwabcina ya buga min ƙofa da sassafe, ya ce inbatarsa ta mutu. Wata bakwai ke nan da aka haɗa masa sola, ta sha ranar bazara da ruwan damina ba ta ce uffan ba, sai a safiyar da mutane ke zagaye wuta suna jin ɗumi ta yi ƙara sau ɗaya, wari ya tashi, allonta ya yi baƙi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ko fanka ba a kunna ba a lokacin. Na ɗaga kai na ƙirga farantan da ke kan kwanonsa. Guda goma ne, duk a layi ɗaya, wayar wannan ta shiga ta wancan. Daga nan na san inda gizo ke saƙa.

Idan aka jera faranta a layi guda, ƙarfin turin wutarsu, wanda ake aunawa da bolt, haɗuwa yake yi. Faranti biyu masu bolt 50 suna ba da 100, goma suna ba da 500. Ita kuwa inbata tana da iyakar da ba a ƙetarewa, an rubuta a jikinta. Ta maƙwabcina mai kilowat 5 ce, iyakarta bolt 500. A bayan kowane farantinsa mai wat 550 akwai takarda da ta nuna Voc 49.6, wato ƙarfin da faranti ke kaiwa idan haske na dukansa amma ba a jan wuta daga gare shi. Mai haɗin ya ninka 49.6 sau goma, ya samu 496, ya ga bai kai 500 ba, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Lissafin nasa daidai ne, sai dai na ɗakin gwaji ne. Duk lambobin da ke bayan faranti an auna su ne yana kan zafin digiri 25 na Salshiyos. Shi kuwa faranti yana da wata ɗabi'a da mutane da yawa ke ɗauka a baibai: sanyi yana ɗaga ƙarfinsa, zafi yana sauke shi. Kamfani kan rubuta yawan wannan sauyi a takardar bayanin farantin. A irin na maƙwabcina, kowane digiri ɗaya da aka sauka ƙasa da 25 yana ƙara kashi 0.27 cikin ɗari.

To mu ɗauki safiyar hunturu mai tsanani. A ƙasar Kano da Katsina sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10, a Jos ya fi haka sauka, kuma faranti da ya kwana a fili yana kallon sama yakan ɗan fi iskar sanyi. Mu yi lissafi da digiri 8. Tazarar da ke tsakaninsa da 25 ita ce 17.

```
49.6 × (1 + 0.0027 × 17) = 51.9 V
51.9 × 10 = 519 V
51.9 × 9 = 467 V
```

Goma sun zarce iyaka da bolt 19, tara kuwa sun tsaya lafiya. Wani zai ce ai da sanyin safiya rana ba ta yi ƙarfi ba, balle ga ƙurar hunturu ta rufe ta. Haka ne, amma raunin haske yawan wutar da ke gudana yake ragewa, wato amfiya. Shi bolt da ɗan haske kaɗan yake tashi ya kusa cika. Ga shi a wannan lokacin inbata ba ta fara jan wuta ba, ko kuma batir ya cika ta daina ja, sai dukkan ƙarfin layin ya taru a bakinta. Wata inbatar takan nuna lambar kuskure ta ƙi tashi, mai gida ya yi ta mamaki don me take makara duk ranar da aka yi sanyi. Wata kuwa kayan cikinta ke ƙonewa, kuma yawancin kamfanoni ba sa biyan garanti a kan irin wannan ɓarna.

Ɗaya gefen shi ne zafi, kuma shi ba ya ƙona komai, wuta kawai yake hana ka. Inbata tana da wani sashe mai suna MPPT wanda ke tatsar faranta, kuma ba ya aiki sai ƙarfin layin ya kai wani mataki. A irin wannan inbatar, daga bolt 120 ne zuwa 450. A nan lambar da ake dubawa ita ce Vmp, ƙarfin faranti yana cikin aiki, wanda a namu 41.7 ne. Cikin watan Afrilu iska kan wuce digiri 40, faranti kuma yakan fi iska zafi da digiri 25 zuwa 30, musamman idan an manna shi da kwano ba a bar wa iska hanya ta ƙarƙashinsa ba. Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannu a kansa da azahar ya san abin da nake nufi. Mu ce digiri 70, tazarar 45 ke nan. Ba kowane kamfani ke rubuta sauyin Vmp ba, don haka masu aikin kan ari na Pmax, wanda a nan kashi 0.35 ne.

```
41.7 × (1 - 0.0035 × 45) = 35.1 V
35.1 × 3 = 105 V
35.1 × 4 = 140 V
```

Wanda aljihunsa bai yi nauyi ba ya sayi faranti uku, a takarda yana da bolt 125, sai ya ɗauka ya tsallake. Da safe komai lafiya. Rana na take tsaka ƙarfin ya faɗo 105, caji ya riƙa katsewa, shi kuma ya ɗora laifin a kan batir ko ya ce an sayar masa da jabu. Saboda haka wannan inbatar da wannan farantin, layi ɗaya kada ya gaza huɗu, kada ya wuce tara. Ni dai in an bar ni, takwas zan sa, wat 4,400, don hankali ya kwanta.

Maƙwabcina da ya riga ya mallaki goma ya tambaye ni ko a raba su biyar-biyar a haɗe layukan biyu. Ta fuskar bolt babu matsala: kusan 260 a sanyi, 176 a zafi. Amma haɗe layi biyu gefe da gefe amfiya yake ninkawa. Kowane layi na ba da kusan 13, biyu sun zama 26, mashigar inbatarsa kuwa 18 take ɗauka. Sai da ya sayi sabuwa mai mashigar MPPT biyu, kowane layi da tasa.

Kafin a soke layi a jikin inbata, a sa mita mai ɗaukar bolt 1,000 na wutar DC a auna shi, a kwatanta da lissafi. Kada kuma a zare mahaɗin waya ana cikin jan wuta, domin tartsatsin irin wannan wutar ba ya saurin mutuwa, a fara kashe makunni tukuna. Kai kuma mai gida, kafin kowa ya taka tsani zuwa rufinka, ka ce masa: "Malam, rubuta min lissafin sanyi da na zafi in gani." In ya ce ai ba a buƙata a ƙasarmu mai zafi, nemi wani.