Kafin Riɗi Ya Hau Jirgi: Yadda Ake Gwada Jerin Kaya da Takardar Shaidar Asali

Ɗan kasuwar da ya tara riɗi a Dawanau, ya tace shi, ya ɗura a buhu, ya kai shi Apapa, yana ganin wahala ta ƙare. Sau da yawa kuwa abin da zai riƙe masa kuɗi ba ya cikin kwantena, yana kan takarda. Jami'in kwastan na ƙasar da kaya za su sauka da ma'aikacin bankin da zai biya ba su ga ranar lodi ba. Takardu suke karantawa, kuma idan biyu suka saɓa wa juna sai su tsaya. Biyun da suka fi yawan saɓawa su ne takardar jerin kaya da takardar shaidar asalin kaya.

Me ya sa suke saɓawa?

Jerin kaya mai fitar da kaya ne yake rubuta abinsa. Tana faɗin buhu nawa ne a kowace kwantena, nauyinsu nawa, wace alama ce a jikinsu. Takardar shaidar asali kuwa wani ne yake sa mata hannu da hatimi, yana shaida cewa kayan na ƙasa kaza ne. A Najeriya, NACCIMA, uwar ƙungiyar cibiyoyin ciniki ta ƙasa, tana ba da irin ta gama-gari. Akwai kuma na musamman da ake neman rangwamen haraji da su, kamar ta tsarin cinikin ƙasashen ECOWAS.

Tushen matsalar lokaci ne. Saboda gaggawa, mutane suna neman takardar asali tun kafin lodi, da alƙaluman da aka yi ciniki a kansu. Jerin kaya kuma ba ya kammaluwa sai an rufe ƙofar kwantena. Duk abin da ya sauya tsakanin ranakun nan biyu zai fito a takarda ɗaya, ya ɓace a ɗayar.

Misali daga sito zuwa tashar jirgi

A ɗauka wani kamfani a Kano ya sayar wa mai saye a Turkiyya riɗi kwantena biyu masu ƙafa 20, za a sauke a tashar Mersin. Irin wannan kwantena tana ɗaukar kimanin tan 19 na riɗi, wato buhu 380 masu kilo 50. Lissafin ciniki ke nan: buhu 760, tsurar riɗi kilo 38,000. Idan kowane buhu fanko yana da giram 100, nauyin riɗi da buhunansa kilo 38,076 ne. Da waɗannan alƙaluma aka cika takardar asali, aka buga mata hatimi.

Ranar lodi aka tarar buhu takwas sun jiƙe a hanya, aka ware su. Kwantena ta farko ta ɗauki 380, ta biyu ta ɗauki 372. Ta biyun ma ba ita ce aka ba da lambarta da farko ba: an ga rufinta yana yoyo, aka musanya ta. Magatakardan sito ya rubuta gaskiya a jerin kaya: buhu 752, tsurar riɗi kilo 37,600, da buhu kilo 37,675.2, da sabuwar lambar kwantena. Yanzu takardar asali tana shaidar buhu takwas da ba su hau jirgi ba, da kwantenar da ke ajiye a Legas.

Mai binciken takardu zai shimfiɗa su biyun gefe da gefe, ya ajiye takardar kuɗin kaya a kusa. Sai dai kafin ya gwada su, zai tabbatar jerin kayan kansa daidai ne, ta hanyar duba takardar ƙidayar ranar lodi da tikitin sikeli. Dalili kuwa, ba a gyara takarda don ta yi kama da 'yar'uwarta. Ana gyara ta ne don ta dace da abin da ke cikin kwantena. Daga nan sai ya yi lissafi da hannunsa: 380 da 372 sun ba da 752, a ninka da 50 a sami 37,600. Da ya waiwayi takardar asali ya ga 760, ya kama kuskure na farko.

Nauyi yana buƙatar natsuwa, domin iri uku ne. Akwai na tsurar kaya, akwai na kaya da buhu, akwai kuma na kwantena gaba ɗaya da ƙarfenta, wanda tun 1 ga Yuli 2016 dokar jiragen ruwa ta duniya ta wajabta a tantance shi kafin a ɗora ta a jirgi. Kwantena fanko mai ƙafa 20 ta haura tan 2. Kuskuren da aka saba gani shi ne a kwafi ɗaya daga cikin ukun a zuba a gurbin wani. Don haka ba a tsayawa ga ganin adadi kawai, sai an karanta kan gurbin a tabbatar wane nauyi yake nema, kuma da kilo aka rubuta ko da tan.

Sai lambobi. Lambar kwantena haruffa huɗu ce da alƙaluma bakwai, makullin hatimin da aka datse ƙofarta da shi ma yana da tasa lambar. Ido yana saurin tsallake alƙaluma biyu da suka yi musayar wuri, shi ya sa ya fi kyau mutum biyu su yi aikin, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana bi da yatsa. A misalinmu, nan ne tsohuwar lambar kwantena ta biyu za ta bayyana. Haka za a bi sunan mai fitarwa da na mai karɓa da adireshinsu, da lambar takardar kuɗin kaya da kwanan watanta, da tashar lodi da ta sauka.

Bayanin kaya ba dole ne ya zo kalma da kalma ba, amma kada ya ci karo. Idan jerin kaya ya ce ɓararren riɗi ne, takardar asali ta ce mai ɓawonsa ne, kaya biyu ke nan. Akwai kuma lambar rukunin kaya ta kwastan, wadda alƙalumanta shida na farko iri ɗaya ne a ƙasashen da ke bin tsarin. Ta riɗi 1207.40 ce. Masu citta su fi kula, domin wadda ba a niƙa ba 0910.11 ce, niƙaƙƙiya kuma 0910.12. Alƙalami ɗaya ne ya raba su.

Inda gyaran rubutu ba ya isa

Gurbin ƙasar asali shi ne zuciyar takardar. A rubutun Turanci, NIGER da NIGERIA haruffa biyu ne suka bambanta su, gajerun lambobinsu kuma NE da NG ne, kuma a jerin ƙasashe na kwamfuta suna maƙwabtaka. Zamewar yatsa ta isa ta mayar da riɗin Jigawa na Maraɗi. Wannan kuskuren rubutu ne, yana gyaruwa.

Wanda ya fi shi nauyi shi ne idan kayan da kansu gauraye ne. Amfanin gona yana ƙetara iyaka zuwa kasuwannin Arewa daga Nijar da Chadi. Ƙa'idar asali ga amfanin gona ita ce inda aka noma shi aka girbe. Tacewa da sauya buhu a Kano ba sa mayar da riɗin wata ƙasa na Najeriya. Don haka mai bincike zai karanta alamar buhu da aka rubuta a jerin kaya, ya je ya dubi buhunan da idonsa, ko hoton ranar lodi. Idan takarda ta ce Najeriya, tambarin buhu ya nuna wata ƙasa, to ko dai an yi amfani da tsofaffin buhuna, ko kuma kayan ne ba na nan ba. Na farko sai a sauya buhu kafin lodi. Na biyu kuwa sai a ware kayan a bayyana asalinsu na gaskiya, domin shaidar asali ta ƙarya laifi ne, ba kuskuren magatakarda ba.

Abin da saɓani yake jawowa

Wani zai ce kilo 400 cikin 38,000 bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. Idan da wasiƙar lamunin banki za a biya, bankuna suna aiki da ƙa'idojin UCP 600 na Cibiyar Ciniki ta Duniya, waɗanda suka fara aiki a 2007. Sashe na 14 ya tanadi cewa bayanin da ke takarda ɗaya ba lallai ya zama kwafin na sauran ba, amma kada ya ci karo da su, kuma banki yana da kwanakin aiki biyar ya duba. Gaskiya ne akwai sassaucin kashi 5 cikin ɗari a yawan kaya idan wasiƙar ba ta ƙayyade adadin buhu ba. Amma wannan sassauci tsakanin abin da aka yi oda ne da abin da aka aika. Bai ba takarda ɗaya damar cewa 760 ɗaya ta ce 752 ba. Banki zai iya ƙin takardun, sai in mai saye ya yarda ya yafe, kuma idan farashi ya faɗi kafin nan, da ragi zai sayar da yafiyarsa.

A wajen kwastan, saɓani yana iya sa a buɗe kwantena a ƙirga, ko a hana rangwamen haraji inda ake nemansa, kuɗin jinkirin kwantena kuma yana hawa kullum.

Yadda ake gyarawa

Jerin kaya naka ne, kana iya sake buga shi nan take. Takardar asali ba taka ba ce. Kada a goge, kada a shafa farin ruwa, kada a ɗora rubutu a kan wani. Duk gyara sai wanda ya ba da ita ya tabbatar da sa hannu da hatimi, kuma abin da ya fi tsafta shi ne a mayar da ita a karɓi sabuwa. A misalinmu, sabuwar za ta ɗauki buhu 752, nauyin da ya dace da gurbinta, da lambar kwantenar da ta tafi. Sannan a bi sauran takardun da aka cika da tsofaffin alƙaluma: takardar kuɗin kaya, shaidar lafiyar tsirrai, da daftarin takardar lodin jirgi, tun kamfanin jirgi bai buga ta ƙarshe ba.

Tun ran gini, tun ran zane. Mai fitar da kaya ya jinkirta kammala takardar asali har sai an datse kwantena an auna ta, ya sa a kwafi kowace takarda daga jerin kaya guda na ƙarshe, kuma wanda ya buga takardun kada ya zama shi ne mai duba su. A tura wa mai saye daftarin ya amince a rubuce kafin a buga hatimi. Matuƙar kwantena tana ƙasa, gyara bai wuce zuwa ofis ɗaya ba. Da zarar jirgi ya tashi, sai da yardar banki da mai saye da kwastan na wata ƙasa.