Me Ya Sa Dish Ba Ya Juyawa?

Mai ɗaura dish yakan saita shi sau ɗaya, ya ɗaure kusoshi, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Shekaru su wuce farantin na kallon wuri guda, alhali tauraron ɗan'adam ɗin da yake kallo gudu yake yi, sama da kilomita 3 a kowace daƙiƙa.

Duk wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya san rabin amsar. Igiya ce ke hana dutse ficewa, ta tilasta masa kewaye. A sararin samaniya, jan da duniya ke yi wa kowane abu shi ne igiyar. Newton ya bayyana ƙarfin wannan ja a 1687: GMm/r², inda M ke nufin nauyin duniya, m na tauraron, r nisansa daga cibiyar duniya, G kuwa lamba ce da ba ta canzawa. Abin da ke kewaye da saurin v kuma yana buƙatar ja mai ƙarfin mv²/r. In aka daidaita su biyun:

```
GMm/r² = mv²/r
v = √(GM/r)
T = 2πr/v
```

Lura da cewa m ya ɓace. Tauraro ko ya kai girman tirela ko bai fi akwati ba, in nisansu ɗaya, saurinsu ɗaya. T shi ne lokacin kewaye guda: tsawon da'irar a raba da sauri.

Mu gwada da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke bisa kanmu da kimanin kilomita 400. In ana awo da kilomita da daƙiƙa, GM na duniya 398,600 ne. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, sai su sa 400 a matsayin r, su sami saurin kilomita 31. Da ganin haka an san akwai kuskure, domin babu kewayen da'ira a duniyar nan da ya wuce kilomita 7.9 a daƙiƙa. Daga cibiya ake awo, don haka sai an ƙara kilomita 6,371, r ya zama 6,771. A raba 398,600 da shi, a sami 58.9, sannan a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da haka: kusan 7.7. Da'irar kilomita 42,500 ce, ke nan kewaye ɗaya minti 92.

Ƙara nisa na rage sauri, ga kuma hanya ta ƙara tsawo. In r ya kai kilomita 42,164, wato 35,786 daga doron ƙasa, kewaye ɗaya zai ci awa 23 da minti 56, daidai lokacin da duniya ke ɗauka ta juya sau ɗaya. Tauraron da ke wannan nisa saitin layin ikwaita, yana tafiya gabas, tare da mu yake juyawa, sai a ga kamar an kafe shi. Can aka ajiye NigComSat-1R na Nijeriya, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011.

Kafewar ba ta har abada ba ce. Rana da wata na ɗan fisgarsa, sai an riƙa kunna ƙananan injuna ana mayar da shi gurbinsa. In mai ya kusa ƙarewa, a tura shi sama da kimanin kilomita 300, ya bar wa wani gurbin.